Abin da ya sa fostin ɗin ƙarfe 6:00 yake fita ƙarfe 7:00, alhali agogon waya daidai yake

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dandume ya san cewa harkar safiya ce. Tun kafin rana ta ɗaga, masu saye daga Funtuwa, Zariya, Kano da kudancin ƙasa sun fara tambayar yadda masara da dawa suka kwana. Matasa da yawa a wannan yanki sun mayar da waya rumfarsu ta biyu: suna sanya hoton kaya, farashi da lambar kira a Facebook, Telegram ko wani ɗan shafi nasu na intanet. Da yake safiya lokacin lodi ne da awo, ba lokacin danna waya ba, sai su rubuta fostin tun da dare, su tsara shi ya fita da kansa da asuba.

Matsalar ita ce wani lokaci fostin ɗin ba ya fita a sa'ar da aka zaɓa. An ce masa ƙarfe 6:00, sai ya fito ƙarfe 7:00, ko kuma ya riga ya fita tun ƙarfe 4:00 mutane na barci. Akan ɗora laifin a kan rashin sabis ko a ce manhajar ce ta lalace. Amma idan kuskuren cikakkiyar awa ce, kuma kullum haka yake maimaituwa, to kusan ko da yaushe tushensa ɗaya ne: yankin lokacin da aka saita a waya, a kwamfuta ko a cikin manhajar ba na Najeriya ba ne.

Abubuwa biyu ne a cikin agogon waya

Mai waya yana kallon fuskarta ya ga 9:15, ya ɗauka lamba ɗaya ce wayar ta riƙe. A gaskiya abubuwa biyu ta haɗa kafin ta nuna wannan lambar.

Na farko shi ne lokacin duniya, wanda ake kira UTC. Masu sauraron rediyo sun san shi da sunan agogon GMT, wanda ake ambata tare da agogon Najeriya da Nijar idan za a faɗi lokacin shiri. A harkar yau da kullum, GMT da UTC sa'arsu ɗaya ce. Kwamfutoci da wayoyi suna riƙe wannan lokaci ne a matsayin lissafin daƙiƙoƙi: daƙiƙa nawa suka wuce tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 a agogon UTC. Wannan lamba ɗaya ce a ko'ina. Wayar da ke Dandume da wadda ke Makka da wadda ke Landan, in dai duk daidai suke, lamba guda suke ƙirgawa a lokaci guda.

Na biyu shi ne yankin lokaci. Shi ne yake gaya wa waya awa nawa za ta ƙara ko ta rage a kan lokacin duniya kafin ta nuna wa mai ita. Najeriya tana gaba da UTC da awa 1, shi ya sa ake rubuta UTC+1, kuma a kan haka take tun shekarar 1919. Nijar, Kamaru da Chadi ma haka suke. Ghana tana kan UTC daidai, Saudiyya kuma tana kan UTC+3. A kundin yankunan lokaci da wayoyin Android, iPhone da yawancin manyan kwamfutoci ke amfani da shi, sunan yankin Najeriya `Africa/Lagos`. Babu wani yanki na daban na Kano ko Katsina, domin ƙasar gaba ɗaya agogo ɗaya take bi.

Saboda haka abin da ake gani a fuskar waya sakamakon lissafi ne: lokacin duniya a haɗa da yankin lokaci. Kuma kamar kowane lissafi, ana iya yin kuskure biyu da za su rufa wa juna asiri, amsa ta fito daidai alhali duka ɓangarorin biyu a karkace suke.

Abin da ke faruwa idan aka danna maɓallin tsarawa

Idan mutum ya tsara fostin a Telegram ko a shafin Facebook, ba wayarsa ce za ta tashi da asuba ta tura shi ba. Tun a daren ta miƙa rubutun da hoton ga babbar kwamfutar kamfanin, wadda masu harkar ke kira saba. Shi ya sa fostin ɗin yake fita ko da wayar a kashe take ko data ta ƙare.

Ita sabar ba ruwanta da safiyar Dandume. Mutane daga kowace kusurwa ta duniya take yi wa aiki, don haka ba za ta iya aiki da "ƙarfe 6:00 na safe" haka kawai ba, domin ƙarfe 6:00 na wane gari? Abin da galibin manhajoji ke yi shi ne su ɗauki ranar da sa'ar da aka zaɓa, su duba yankin lokacin da aka saita, su mayar da su lokacin duniya, sannan su aika wa saba wannan lambar. Idan yankin `Africa/Lagos` ne, ƙarfe 6:00 zai koma 5:00 a agogon UTC. Sabar za ta jira har nata agogon ya kai 5:00, ta saki fostin, a Dandume kuma a lokacin ƙarfe 6:00 ne cif.

Abin lura a nan shi ne, a wannan juyi manhajar ba ta damu da abin da fuskar agogon waya ke nunawa ba. Yankin lokaci kaɗai take tambaya. In yankin ba daidai ba ne, lambar da za ta je wa saba ba daidai ba ce, ita kuma sabar za ta cika umarnin da aka ba ta ba ragi ba ƙari.

Misali: wayar da ta yi daidai duk damina, ta rikice da kaka

A ɗauki misalin wani matashi da ke kula da shafin sayar da hatsi na yayansa a Dandume. Ya sayi waya ta hannu a watan Yunin 2025. Wanda ya saita masa ita a shago ya shiga jerin yankuna, ya ga Landan da GMT+01:00 a gefenta, ya san Najeriya ma ƙarin awa 1 ce, sai ya zaɓa. Agogo ya nuna daidai, kowa ya kama gabansa.

Daga Yuni har tsakiyar Oktoba babu wata matsala. Duk fostin da aka tsara wa ƙarfe 6:00 yana fita ƙarfe 6:00. Dalili kuwa shi ne a waɗannan watanni Birtaniya tana kan agogon bazararta, wanda yake UTC+1, daidai da na Najeriya. Amma ba haka take zama duk shekara ba. A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris take tura agogonta gaba da awa 1, a ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma ta dawo da shi baya. Masu kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo sun san wannan sarai, ko da ba su san dalili ba: wasan Asabar da ake farawa ƙarfe 3:00 a watan Agusta, shi ne yake komawa ƙarfe 4:00 a Nuwamba. Ba lokacin wasan aka sauya ba, agogon Ingila ne ya ja baya, na Najeriya kuma yana nan inda yake.

A 2025, Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta faɗo ranar 26 ga wata, daidai lokacin da sabuwar masara ta cika kasuwa. A daren, da agogon wayar ya kai ƙarfe 2:00, sai ya koma ƙarfe 1:00 da kansa, domin a saninta a Landan take. Matashin ya farka ya ga agogonsa ya makara da awa guda, ƙararrawar asuba ma ba ta kaɗa a kan lokaci ba. Sai ya yi abin da kusan kowa zai yi: ya shiga saiti, ya kashe ɗaukar lokaci kai tsaye daga layi, ya tura agogon gaba da awa 1 da hannunsa. Fuskar waya ta koma daidai da agogon masallaci, hankalinsa ya kwanta.

A nan ne kuskure biyu suka haɗu. Yankin lokaci har yanzu Landan ne, wanda yanzu ya zama UTC+0. Agogon cikin wayar kuma an tura shi gaba da awa 1 fiye da lokacin duniya na gaskiya. Idan aka haɗa su, amsar da ke fuska daidai take. Amma da daddare ya tsara fostin ɗin Litinin 27 ga Oktoba, ya zaɓi ƙarfe 6:00 na safe. Manhaja ta tambayi yankin lokaci, aka ce mata Landan. Ƙarfe 6:00 na Landan a wannan rana shi ne 6:00 na UTC, ba 5:00 ba. Sabar kamfani, wadda agogonta bai san an taɓa na wayar ba, ta jira 6:00 na UTC, wato ƙarfe 7:00 a Dandume.

Awa guda a safiyar kaka ba ƙaramin abu ba ne. Mai saye da ya duba shafin ƙarfe 6:30 farashin jiya zai gani, ko ya ga babu komai ya kira wani dillalin. In kuma a cikin fostin an rubuta cewa mota za ta tashi ƙarfe 7:00, mai son haɗa kaya ya kira kafin lokacin, to sanarwar za ta fito ne mota tana shirin barin gari.

Akwai wani ƙarin abu. Ko fostin ɗin da ya tsara tun ranar 20 ga Oktoba, lokacin da komai yake daidai, in dai ranar fitarsa ta faɗa bayan 26 ga wata, shi ma zai makara. Manhaja tana amfani da ƙa'idar ranar da fostin zai fita ne, ba ta ranar da aka rubuta shi ba.

Mai sha'awar gani da idonsa zai iya gwada wannan da Python 3.9 ko wanda ya fi shi sabunta:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo

for z in ("Africa/Lagos", "Europe/London"):
    t = datetime(2025, 10, 27, 6, 0, tzinfo=ZoneInfo(z))
    print(z, int(t.timestamp()))
```

Amsar da za ta fito ita ce:

```
Africa/Lagos 1761541200
Europe/London 1761544800
```

Tsakanin lambobin biyu akwai daƙiƙa 3,600, wato awa 1 cif. Idan aka sauya 27 ta koma 20 a cikin wannan rubutu, lambobin biyu za su fito iri ɗaya. Wannan shi ne sirrin da ya sa wayar ta yi wata huɗu ba a gano ta ba.

Abin da ya fi ruɗarwa shi ne matsalar takan "warke" da kanta. Ranar 29 ga Maris 2026 Birtaniya ta sake tura agogonta gaba, fostin ya koma fita a kan lokaci, mai waya ya sake gyara fuskar agogo da hannu, ya ɗauka an wuce wurin. Ranar 25 ga Oktoba 2026 kuma abin ya dawo.

Tazarar kuskuren ita ke faɗin inda aka saita wayar

Ba sai an yi ta lalube ba. A ƙirga tazarar da ke tsakanin sa'ar da aka zaɓa da sa'ar da fostin ya fita, a kuma lura ko ya riga ne ko ya makara. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan yankin da aka saita yana gabas da mu, agogonsa yana gaba, to fostin zai riga lokaci. Idan yana yamma, zai makara.

Idan ya makara da awa 1 duk tsawon shekara, an bar shi ne a kan UTC ko yankin Ghana. Idan makarar awa 1 ce amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kawai, Landan ce. Idan kuma akasin haka ne, wato yana riga lokaci da awa 1 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sannan ya daidaita da sanyi, to wani birni ne na tsakiyar Turai kamar Balin, Faris ko Rum. Waɗannan biranen suna kan UTC+1 da hunturu, su koma UTC+2 da bazara. A kwamfutocin Windows wannan tarko ne sananne, domin layuka da yawa a jerin suna farawa da (UTC+01:00), kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ya dace da Najeriya.

Idan ya riga lokaci da awa 2, Saudiyya ce. Wannan yakan faru da wayar da aka je Hajji ko Umra da ita, ko wadda aka kawo tsaraba. Fostin ƙarfe 6:00 zai fita ƙarfe 4:00 na asuba. Awa 3 kuma Dubai ce. Awa 7 ƙasar Sin ce, inda fostin ƙarfe 6:00 na safe zai fita tun ƙarfe 11:00 na daren jiya, har kwanan wata ya sauya. Idan ya makara da awa 8 ko 9, an bar shi a kan agogon gaɓar yammacin Amurka, kuma fostin safe zai fito ƙarfe 2:00 ko 3:00 na rana, kasuwa ta riga ta ci.

Idan kuwa tazarar awa 12 ce daidai, da wuya a ce yankin lokaci ne. Mafi yawa an zaɓi PM ne a wurin AM. Mayar da waya kan agogon awa 24 yana kashe wannan kuskure gaba ɗaya.

Yadda ake gane wayar da aka gyara da hannu

Wayar da fuskarta ke nuna daidai amma cikinta a karkace tana da alamomi, in an lura.

Alama ta farko tana cikin saƙonnin da ke shigowa. A misalin wayar Landan, abokin ciniki ya turo saƙo a WhatsApp ƙarfe 10:00 na safe, ya shigo nan take, amma lokacin da ke jikinsa 9:00, kamar ya yi awa guda a hanya. Hatimin lokacin ya zo ne da lokacin duniya na gaskiya, wayar kuma ta fassara shi da agogon Landan. A wayar da ke kan yankin Saudiyya kuma aka ja agogonta baya da hannu, saƙon zai nuna 12:00 alhali fuskar waya tana kan 10:00, kamar ya fito daga lokacin da bai zo ba.

Alama ta biyu ita ce lambobin tsaro na manhajoji irin su Google Authenticator su daina aiki. Ana lissafa waɗannan lambobi ne daga lokacin duniya da ke cikin waya, kuma suna sauyawa duk bayan daƙiƙa 30. Wayar da ta kauce da awa guda lambar wani lokaci daban take bayarwa, don haka duk wadda aka shigar za a ce ba daidai ba ce.

Alama ta uku ita ce wadda ke sa mutane musu: ƙararrawa tana kaɗawa daidai. Wannan ba hujja ba ce cewa waya lafiya take. Ƙararrawa a cikin wayar take aiki, da agogon wayar take auna kanta, don haka kuskuren biyu suna soke juna. Sai abin da ya fita daga waya ya je hannun wata kwamfuta ne asiri ke tonuwa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a buɗe shafin time.is a burauzar waya, zai faɗi ko agogon na'urar yana gaba ko baya da kuma da nawa. Wani gwajin shi ne a shiga Telegram, a rubuta saƙo a wani zaure na gwaji, a danne maɓallin turawa har zaɓin `Schedule Message` ya fito, a sa minti 10 masu zuwa. In ya fita bayan minti 10, komai daidai ne. In an yi awa 1 da minti 10 kafin ya fito, an kama ɓarawon.

Gyara a waya da kwamfuta

Gyaran shi ne a daidaita yankin lokaci tukuna, sannan a bar waya ta ɗauki lokaci da kanta. Kada a fara da juya agogo.

A yawancin wayoyin Android, ciki har da Tecno, Infinix da itel, hanyar ita ce `Settings`, sai `System`, sai `Date & time`. A Samsung kuma ana bi ta `General management`. Sunayen maɓallan sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma guda biyu ne ake nema: na ɗaukar lokaci kai tsaye da na ɗaukar yankin lokaci kai tsaye. A kunna duka biyun. Da layin Najeriya a ciki, waya takan samu yankin daga kamfanin layi. In ta ƙi, ko kuma na'ura ce marar layi, a kashe na yankin kawai, a zaɓi `Nigeria` ko `Lagos` da hannu, a bar na lokaci a kunne. A iPhone hanyar ita ce `Settings`, `General`, `Date & Time`, a kunna `Set Automatically`, a tabbata `Lagos` ce ta bayyana a wurin `Time Zone`.

A kwamfutar Windows, layin da za a zaɓa shi ne `(UTC+01:00) West Central Africa`. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sun fi waya faɗawa wannan matsala, domin ba su da layin da zai gaya musu ƙasar da suke. Mai son sanin yankin da burauzarsa ke gani zai iya danna F12, ya shiga `Console`, ya rubuta:

```js
Intl.DateTimeFormat().resolvedOptions().timeZone
```

Amsar da ake so ita ce `Africa/Lagos`. Duk shafin da ke tsara fostin ta burauza kuma yake dogara da na'ura, wannan amsar yake amfani da ita.

Darasin da ke cikin misalin Landan shi ne a riƙa zaɓen yanki da sunan gari, ba da lambar da ke gefensa ba. Lambar ta yau ce kawai. Sunan garin kuwa yana ɗauke da duk ƙa'idojin ƙasarsa na sauya agogo, Najeriya kuma ba ta da irin wannan sauyi.

Manhajojin da ke da nasu agogon

Ana iya gyara waya tsaf, fostin ya ci gaba da makara. Dalili shi ne wasu manhajoji ba sa tambayar waya, suna da nasu saitin yankin lokaci a cikin asusu.

WordPress shi ne babban misali. Sabon shafi yakan zo a kan `UTC+0` in ba a sauya ba, don haka duk labarin da aka tsara wa ƙarfe 6:00 zai fita ƙarfe 7:00 a Najeriya, rani da damina. Gyaransa yana cikin `Settings`, sai `General`, sai `Timezone`, a zaɓi `Lagos`. A ƙarƙashin wurin shafin yana nuna lokacin duniya da lokacin gida, sai a gwada na biyun da agogon hannu.

Manhajojin tsara fostin irin su Buffer ma suna da saitin yankin lokaci nasu, YouTube Studio kuma a kwamfuta yana nuna yankin lokaci a gefen ranar da sa'ar da ake zaɓa. Asusun talla na Facebook ya fi tsauri: ana zaɓa masa yankin lokaci ne lokacin buɗe shi, kuma sauya shi daga baya yakan kai ga buɗe sabon asusun talla. Wanda zai kashe kuɗi a kan talla ya duba wannan tun ranar farko, domin da agogon asusun ake auna farawa da ƙarewar tallar.

Haka nan idan mutum biyu ke kula da shafi ɗaya, misali ƙane a Dandume da yaya da ke aiki a Jidda, kowannensu na iya ganin sa'a daban a kan fostin guda, kuma duka biyun daidai ne. Su yi yarjejeniya cewa duk lokacin da aka ambata agogon Najeriya ake nufi, wanda ke Saudiyya ya riƙa ƙara awa 2 idan da na'urarsa zai tsara.

Bayan gyara, a koma kan tsofaffin fostin

Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa. Gyara yankin lokaci ba ya komawa ya gyara abin da aka riga aka miƙa wa saba. Lambar da aka aika tana nan yadda take. Abin da zai sauya kawai shi ne yadda waya ke nuna ta: fostin ɗin da a da yake nuna 6:00 a jerin waɗanda ke jira, yanzu zai nuna 7:00, wato gaskiyar lokacin da zai fita. Dole a buɗe kowanne a sake sa masa sa'a. Ganin lambobin sun sauya bayan gyara alama ce cewa an taɓa wurin da ya dace.

Inda laifin ba na yankin lokaci ba ne

Kuskuren yankin lokaci yana da kamanni guda: tazararsa cikakkiyar awa ce, ko da ƙarin rabin awa a wasu ƙasashe kamar Indiya, kuma ba ta sauyawa daga rana zuwa rana. Idan yau fostin ya makara da minti 7, gobe da minti 40, jibi ya fita daidai, to a nemi dalili a wani wuri.

A WordPress, sanannen dalili shi ne yadda yake duba ayyukan da aka tsara. Ba shi da mai gadi da ke kallon agogo dare da rana, yakan duba ne lokacin da wani ya buɗe shafin. Ƙaramin shafi da babu mai shigarsa da asuba zai iya wuce lokacinsa, har ya nuna `Missed schedule` a gefen labarin. Maganin wannan yana wurin kamfanin da ke ajiye shafin, inda ake saita aikin `cron` da zai riƙa taɓa shi duk bayan 'yan mintuna. Sauya yankin lokaci ba zai yi masa komai ba.

Haka kuma saƙonnin tes da ake tsarawa a manhajar saƙo ta waya, wayar ce da kanta take tura su. In ta mutu saboda rashin caji, ko aka shiga gona inda babu sabis, saƙon zai jira har ta dawo. Bambancin a bayyane yake: wanda saba ke turawa yana fita ko waya a kashe, amma yankin lokaci na iya karkatar da shi, wanda waya ke turawa kuma caji da sabis yake buƙata.

Ga mai shafin da cinikinsa ya dogara da fostin ɗin asuba, abin yi a yau shi ne ya duba wurare uku: waya, kwamfutar da yake aiki da ita, da saitin cikin manhajar. Duka ukun su ce Legas. Sannan ya tsara fostin na gwaji na minti 10 ya ga fitarsa da idonsa, ya kuma maimaita gwajin a makon ƙarshe na Maris da na Oktoba, domin a waɗannan makonni ne yankin da aka zaɓa bisa kuskure yake nuna kansa.